"Ko da a Sin ne": kafin mai fenti ya hau bango

Mushe Laminu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman taimako cikin gaggawa. Mun yi wa bangon lakwal ɗinmu sabon shafe kafin yara su dawo hutu, kuma direkta ya ce a rubuta hadisi a saman ƙofa da manyan baƙaƙe, Larabci a sama, Hausa a ƙasa. Ga abin da ya ba ni a takarda: "Ku nemi ilimi ko da a Sin ne, domin neman ilimi farilla ne a kan kowane Musulmi da Musulma. Buhari da Muslim." Na riga na ba mai fenti jika biyar kafin alƙalami, jibi da safe zai zo da tsaninsa. To jiya wani uban yaro ya ga takardar a hannuna, ya ce wai ba hadisi ba ne. Ni lissafi nake koyarwa, ban san hawa ba ban san sauka ba. A rubuta ko a fasa?

Abdul-Karimu: Wa alaikumus salam Mushe. A fasa. Hadisin ƙarya ne gaba ɗayansa. Na duba yanzu a `dorar.net`, Albani ya ce baɗili ne. Babu shi a Buhari, babu shi a Muslim, magana ta ƙare.

Alhaji Mamman na Dole: Kai yaro, yi a hankali. Sau huɗu ina zuwa Guwanzu sayen kaya. Wallahi abin da na gani na ilimi a ƙasar nan, in ba Annabi ba wa zai faɗe shi tun shekara dubu da ɗari huɗu? Ai wannan mu'ujiza ce a fili. Ka je ka ga jirgin ƙasansu tukuna.

Malama Rakiya: Alhaji, ai ba tambayar ko Sinawa suna da ilimi ake yi ba. Ana tambaya ne ko Manzon Allah (SAW) ya faɗa. Ni dai tawa damuwar ita ce ƙarshen. Shekara tara ina buɗe wa matan unguwarmu karatu da "Musulmi da Musulma". In ya tabbata ƙarya ce, da wane ido zan dube su? Malam Sanusi, muna ganin ka a kan layi, ka yi magana.

Malam Sanusi: Ina nan Malama, ina jiran a kawo wuta ne in ga littafi da kyau, fitilar waya ba ta karanta ƙananan baƙaƙe. An kawo yanzu.

Mushe, takardar da aka ba ka ba magana ɗaya ba ce. Abu huɗu ne aka ɗinke wuri guda, kuma kowanne da hukuncinsa. Akwai zancen Sin. Akwai "neman ilimi farilla ne a kan kowane Musulmi". Akwai kalmar "da Musulma". Sannan akwai "Buhari da Muslim" da aka liƙa a ƙarshe. Wannan na ƙarshe shi ne mafi sauƙi, kuma Abdul-Karimu ya yi daidai a kansa: babu ko rabin maganar a cikin littattafan nan biyu. Ko me za ku rubuta, wannan kam a goge shi.

Amma inda ya ce "babu shi a Buhari da Muslim, magana ta ƙare", nan ne ma magana ta fara. Su biyun ba su taɓa cewa sun tattara dukkan ingantattun hadisai ba. Akwai ingantattu da yawa a Muwaɗɗa, da Abu Dawuda, da Musnadin Ahmad. Rashin ganin hadisi a wurinsu ba hukunci ba ne, sai dai ya ce maka ka ci gaba da nema.

To mu nemi na Sin. Duk manyan littattafan hadisi shida da aka fi sani, su Buhari da Muslim da Tirmizi, babu wanda ya kawo shi. Inda za ka same shi da isnadinsa, wato jerin waɗanda suka ruwaito shi, akwai Baihaƙi a Shu'abul Iman, da Ibn Abdil Barri a Jami'u Bayanil Ilmi, da Haɗib na Bagadaza. Sai kuma wasu wurare uku da ya kamata mutum ya tsaya ya lura: Al-Kamil na Ibn Adiyyi, da Ad-Du'afa'u na Uƙaili, da Al-Majruhin na Ibn Hibban. Waɗannan ukun ba littattafan karatun hadisi ba ne, littattafai ne na sunayen masu ruwaya da aka soka. Idan suka kawo hadisi a ƙarƙashin sunan mutum, sau da yawa suna kawo shi ne a matsayin shaidar laifinsa. Kamar ka je neman sunan wanda zai auri ƴarka, ka same shi a rajistar ƴan sanda.

Baba Malam Tukur: Sanusi, sannu da ƙoƙari. Amma littafi shida ka lissafa yanzu da bakinka. Abin da manya shida suka rubuta, ka ce ba shi da asali? Mu a Birni muka karanta shi a cikin Ihya'u gaban malaminmu, Allah ya jiƙansa, kuma yana cikin Jami'us Sagir na Suyuɗi. Suyuɗin nan da ya rubuto wa sarakunan Agadas da Katsina wasiƙa. Ba ƙaramin mutum ba ne a ƙasar nan.

Malam Sanusi: Allah ya gafarta Malam, Allah ya ƙara girma. Ban kai in taɓa Suyuɗi ba. Amma a ba ni dama in nuna abin da ke cikin littattafan shidan.

Kowa a garin nan ya san wahalar ruwa. A ce ƴan garuwa shida sun shigo gidanka, kowanne ta titinsa, kowanne da jarkokinsa. Ka tambayi na farko ina ya ɗebo, ya ce famfon wane. Na biyu, famfon wane. Har na shida, duk famfo ɗaya. To ba ruwa shida ke gare ka ba, ruwa ɗaya ne a jarka shida. In famfon nan ya gurɓace, duk sun gurɓace.

Haka na yi da hadisin nan. Na ɗauki takarda, na rubuta isnadin kowane littafi a tsaye, daga mai littafin zuwa sama. A ƙasa sunaye sun bambanta, kowa da malaminsa. Da aka hau sama kaɗan sai hanyoyi suka fara haɗuwa a kan Hasan ɗan Aɗiyya, mutumin Kufa. Da aka ƙara hawa taki ɗaya, duk suka zuba a kan mutum guda: Abu Atika, sunansa Ɗarif ɗan Salman, shi kuma ya ce daga Anas ɗan Malik, daga Annabi (SAW). Abu Atika shi ne famfon. Duk aikin ya koma a kan tambaya ɗaya: wane ne shi?

Ga abin da masana halin masu ruwaya suka ce. Buhari ya ce "munkarul hadis", wato hadisinsa abin ƙi ne. Abu Hatim ya ce "zahibul hadis", wato hadisinsa ya tafi, ba a ɗaukarsa. Nasa'i ya ce ba amintacce ba ne. Kalmar Buhari ita ce ta fi nauyi, don shi mutum ne mai taushin harshe, da wuya ka ji ya ce wa mutum maƙaryaci. Zahabi ya kawo a Mizan cewa Buhari ya ce duk wanda ya kira da wannan kalma bai halatta a ruwaito daga gare shi ba. Saboda haka in ka ga "munkarul hadis" daga bakin Buhari, kada laushin lafazin ya ruɗe ka.

Sannan ga wani abu da hankali ma yake kamawa. Anas ya yi tsawon rai, ya rasu a Basra wajen shekara ta 93 bayan hijira, almajiransa ba su ƙidayuwa: Ƙatada, Sabitul Bunani, Humaid, Zuhri. Magana mai daɗin haddacewa irin wannan, da ko yaro ya ji sau ɗaya ya riƙe, yaya aka yi duk waɗannan suka rasa ta, sai Abu Atika? Shi ya sa Ibn Hibban, wanda ya rasu a 354, ya ce baɗili ne ba shi da asali, Ibnul Jauzi kuma ya sa shi cikin littafinsa na ƙagaggun hadisai.

Abdul-Karimu: Ka gani ko! Abin da na faɗa ke nan tun farko.

Malam Sanusi: Ka faɗi rabi, ɗana. Ka jira rabin.

Baba Malam Tukur: Ni ma na ciro nawa littafin. Suyuɗi ya yi wa Ibnul Jauzi raddi a kan wannan. Ya ce Abu Atika yana cikin mutanen Tirmizi, kuma ba a kama shi da ƙarya ba. Kuma ya kawo wasu hanyoyi da ba su bi ta kansa ba. To famfonka ba ɗaya ba ne. Ƙari a kan haka, a Kashful Hafa na Ajluni, ƙarƙashin wannan hadisi, an kawo maganar Mizzi cewa yana da hanyoyi da in an haɗa su za su iya kai shi darajar hasan, wato karɓaɓɓen hadisi. Me ka ce?

Malam Sanusi: Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a kwana a kanta, Baba.

Gaskiya ne Tirmizi ya ruwaito daga Abu Atika. Yana cikin babin azumi, hadisin mutumin da ya zo ya ce idonsa na ciwo, ko zai sa kwalli yana azumi, aka ce masa e. Isnadin ma irin namu ne sak: Hasan ɗan Aɗiyya, daga Abu Atika, daga Anas. Amma a karanta layin da ke ƙasa da hadisin. Tirmizi da kansa ya ce isnadinsa ba mai ƙarfi ba ne, babu abin da ya inganta daga Annabi a wannan babi, kuma Abu Atika ana raunana shi. Wato ya kawo shi, ya kuma ɗaga masa tuta. Kasancewar mutum a cikin Tirmizi ba takardar shaida ba ce, dole a ga me Tirmizin ya ce bayan ya kawo shi. Mutane da yawa suna yanke hoton shafi daidai inda matani ya ƙare, su bar wannan layin.

Sauran hanyoyin kuma na bi su. Ɗaya tana wurin Ibn Abdil Barri, ta kan Yaƙubu ɗan Ishaƙa mutumin Asƙalan, har zuwa Ibn Uyaina, daga Zuhri, daga Anas. In ka dubi saman isnadin sai ka yi murna, don Ibn Uyaina daga Zuhri zinariya ce. Amma Yaƙubun nan Zahabi ya kira shi maƙaryaci ƙarara. Ɗayar kuma an kai ta ga Abu Huraira, a cikinta akwai Ahmad ɗan Abdullahi Juwaibari, wanda da sunansa ake buga misali wajen ƙirƙirar hadisi. Mai ƙarya ai ba ya zaɓar lalataccen isnadi ya hau, mai kyau yake ɗorawa a kan hajarsa.

Ƙa'idar ita ce rauni iri biyu ne. Akwai mutumin kirki mai gaskiya amma mai mantuwa. Irin wannan in wani kamarsa ya zo da magana ɗaya daga wata hanya dabam, sai zuciya ta natsu cewa bai manta ba, su biyun su tallafi juna. Akwai kuma wanda ake tuhuma da ƙarya ko wanda kurensa ya yi muni. Irin wannan ko goma ka tara ba sa tallafar kowa, don mai yiwuwa ma na biyun daga na farkon ya sata ya sake masa riga. Gurgu biyu suna iya dafa juna su kai kasuwa, gawa biyu ba sa iyawa.

Maganar Mizzi kuwa, abin da na fahimta, kuma haka Albani ya fahimta, tana kan rabin na biyu ne, "neman ilimi farilla ne". Da yake rabi biyun suna zuwa a manne cikin ruwayar Abu Atika, sai hukuncin ɗaya ya zame ya faɗa kan ɗayan a wasu littattafai.

Baba Malam Tukur: Fahimtarka ce da ta Albani. Ajluni dai ƙarƙashin na Sin ya rubuta ta, ga shi a gabana. Kuma Iraƙi, da ya bi hadisan Ihya'u ɗaya bayan ɗaya, bai ce ƙagagge ba. Maganar Baihaƙi ya kawo, cewa mataninsa sananne ne, isnadansa raunana. Mai rauni dabam, ƙagagge dabam. Kuma malamai sun yarda a yi aiki da mai rauni a falalar ayyuka.

Malam Sanusi: Haka Iraƙi ya ce, ban musa ba. Kuma ni ma ba na rantsuwa cewa Abu Atika ya zauna ya ƙirƙira. Tsakanin "mai tsananin rauni" da "ƙagagge" akwai saɓani na gaske a kan wannan hadisi, manya sun tsaya a kowane gefe. Amma ko waɗanda suka yarda da aiki da mai rauni sun gindaya sharuɗɗa, Sahawi ya ji su daga bakin malaminsa Ibn Hajar. Na farkonsu kada raunin ya yi tsanani. Na ƙarshensu kada a ƙudurta cewa ya tabbata daga Annabi. Na Sin ya faɗi a sharaɗin farko. Rubuta shi a saman ƙofar makaranta da "Annabi ya ce" kuma ya karya na ƙarshen, don yaro ɗan shekara bakwai da zai riƙa wucewa ƙarƙashinsa kullum ba zai taɓa shakkar tabbatarsa ba.

Baba Malam Tukur: Batun bango na ji. Batun tsananin rauni ban sallama ba. Zan sake duba La'ali na Suyuɗi da safe.

Alhaji Mamman na Dole: To ni duk wannan sunaye sun fi ƙarfina. Yanzu zuwa Sin neman ilimi haramun ne ke nan? Don ɗan ƙanena yana can yana karatun injiniya.

Malama Rakiya: Haba Alhaji! Wa ya ce haka? Ya yi karatunsa, Allah ya ba da sa'a. Kawai kada a ce Annabi ne ya ambaci ƙasar da suna.

Malam Sanusi: Alhaji, tafiya neman ilimi tana da hujjar da ta fi wannan ƙarfi. Buhari ya ambata a Kitabul Ilmi cewa Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda zuwa wurin Abdullahi ɗan Unais saboda hadisi ɗaya tak. A bar yaro ya gama karatunsa.

Abdul-Karimu: Malam, da ka ce in jira rabi, na je na yi aikin da kaina. Rabin na biyu yana cikin Ibn Majah, lamba 224. Isnadin: Hisham ɗan Ammar, daga Hafs ɗan Sulaiman, daga Kasir ɗan Shinzir, daga Muhammad ɗan Sirin, daga Anas. Na bi su ɗaya-ɗaya a Taƙrib, littafin Ibn Hajar na masu ruwaya, cikin manhajar Shamila. Hisham malamin Buhari ne. Kasir Buhari da Muslim sun ruwaito masa. Ibn Sirin ba ya buƙatar tambaya. Hafs ɗan Sulaiman kuma na rubuta sunansa, ya fito, Ibn Hajar ya ce "siƙa", wato amintacce. Ke nan isnadin lafiya lau. Na janye maganata a kan wannan rabin.

Malam Sanusi: Madalla da wannan, haka ake so. Ka yi tafiyar daidai, amma ka shiga gidan maƙwabci. Koma shafin ka karanta mini cikakken sunan wanda aka ce siƙa, da shekarar rasuwarsa, da ƴan baƙaƙen da ke ƙarshen layin.

Abdul-Karimu: Hafs ɗan Sulaiman Al-Minƙari, Batamime, mutumin Basra. Ɗabaƙa ta bakwai, ya rasu shekara ta talatin. Baƙaƙen `بخ` ne.

Malam Sanusi: To. Talatin a wannan ɗabaƙa tana nufin 130, Ibn Hajar yana barin ɗarin. Hisham ɗan Ammar, wanda ya ce Hafs ya ba shi labari, an haife shi a 153. Mushe Laminu, kai ne mai lissafi, shekara nawa ke tsakani?

Mushe Laminu: 23. Mutumin ya rasu da shekara 23 kafin a haifi almajirin nasa!

Malam Sanusi: Shi ke nan. Ba shi ba ne. Kuma baƙaƙen nan biyu suna gaya maka Buhari ne ya ruwaito masa a Al-Adabul Mufrad kawai. Da Ibn Majah ya ruwaito masa, da ka ga `ق` a wurin. Duba sunan da ke kusa da shi, za ka ga wani Hafs ɗan Sulaiman, Al-Asadi, mutumin Kufa, ya rasu a 180, kuma a ƙarshen layinsa akwai `ق`. In kana son ka ƙara tabbatarwa, buɗe Tahzibul Kamal na Mizzi, don shi yana jera malaman mutum da almajiransa. Za ka sami Kasir ɗan Shinzir cikin malamansa, Hisham cikin almajiransa. Wannan shi ne namu. Karanta mana abin da aka ce a kansa.

Abdul-Karimu: Innalillahi. An ce "matrukul hadis", tare da cewa limami ne a ƙira'a. Malam, kada dai Hafs ɗin Alƙur'ani ne?

Malam Sanusi: Shi ne. Hafs daga Asim, agolan Asim ɗin ma ne, a gidansa ya tashi.

Baba Malam Tukur: Allahu akbar. Mu da muka sha Warshu a allo tun muna yara, yau ga mutumin ƴan Islamiyya an ce an bar hadisinsa.

Malama Rakiya: Baba, da wasa kake, amma ni gabana ya faɗi. Duk matan da nake koya wa da Hafs suke karatu. In ba a yarda da shi a hadisi ba, yaya aka yarda da shi a Alƙur'ani?

Malam Sanusi: Kwantar da hankali Malama. Zahabi ya amsa wannan tun tuni. Ya ce Hafs tabbatacce ne a ƙira'a, mai rauni a hadisi, domin Alƙur'ani ya ƙware a kai ya ba shi rayuwarsa, hadisi kuwa bai ƙware ba, amma shi a kan kansa mai gaskiya ne. Kin san alarammomin garin nan da za su rubuta miki Alƙur'ani da ka, ba su kuskure ko wasali ɗaya ba, amma ki tambaye su isnadin hadisi ɗaya su cakuɗa. Sannan Alƙur'ani ba a kan wuyan Hafs shi kaɗai yake ba. Jama'a ne suka karɓa daga jama'a, da ya sauya harafi ɗaya da makarantan Kufa sun kama shi nan take. Hadisin nan kuwa, a wannan hanya, shi kaɗai ne gadar.

Saboda haka isnadin Ibn Majah shi kansa mai tsananin rauni ne. Kuma in ka karanta hadisin har ƙarshe akwai wata jela: wai mai ba da ilimi ga wanda bai cancanta ba kamar mai rataya wa aladu lu'ulu'u da zinariya ne. Wannan jelar ba ta da mai tallafa mata, ta zauna a rauninta.

Amma jumlar farko, "neman ilimi farilla ne a kan kowane Musulmi", labarinta ya sha bamban da na Sin. Ita ba famfo ɗaya ba ce. An ruwaito ta daga Anas ta hanyoyi masu yawa da ba su bi ta kan Hafs ko Abu Atika ba, an kuma ruwaito ta daga wasu sahabbai. Suyuɗi ya ce ya tara mata hanya wajen hamsin, ya inganta ta. Mizzi ya ce ta kai hasan. Albani, wanda ya kira na Sin baɗili, ya inganta wannan jumlar. Abdul-Karimu, ka ga abin da ya sa na ce ka faɗi rabi: ka karanta hukunci ɗaya a allon waya ka shafa shi a kan takardar duka. A shafin `dorar.net` ɗin, kowane sakamako yana da sunan mai hukuncin da littafinsa da lafazin da ya hukunta. Sai an dubi ukun.

Kuma kada in ɓoye muku, magabata ba su yarda ba. Imamu Ahmad ya ce babu abin da ya tabbata a wurinsu a wannan babi. Wato shi ya ga hanyoyin, bai ga suna tallafar juna ba. Na baya suka tara suka ga sun kai. Ni ina tare da masu cewa hasan ne, amma wanda ya bi Ahmad ba zan ce ya ɓata ba.

Abdul-Karimu: To in Ahmad ya raunana, wa ya isa ya inganta bayansa? Ai shi ya fi kusa da zamanin.

Malam Sanusi: Ɗazu kai ne ɗan Albani, yanzu ka koma ɗan Ahmad. Tambayarka babba ce, malaman fannin suna kai ruwa rana a kanta har yau, ba za mu gama ta a daren nan ba.

Malama Rakiya: Saura tawa, Malam. "Da Musulma".

Malam Sanusi: Malama, Sahawi, wanda ya rasu a 902, ya yi magana a kanta a Al-Maƙasidul Hasana. Ya ce wasu marubuta sun liƙa wannan kalma a ƙarshen hadisin, alhali ba ta zo a ko ɗaya daga hanyoyinsa ba, ko da yake ma'anarta daidai ce. Don "kowane Musulmi" a Larabci ya haɗa mace da namiji, kamar yadda "ya ku waɗanda suka yi imani" ya haɗa su. Ba ki koyar da ƙarya a hukunci ba, kalma ce kika ƙara a lafazi ba da sani ba. Ki karanta lafazin yadda ya zo, sannan ki ce musu da bakinki: wannan ya haɗa da ku. In kuma kina son wanda ya ambaci mata ƙarara, yana cikin Buhari, Kitabul Ilmi, daga Abu Sa'id: mata suka ce wa Annabi (SAW) maza sun rinjaye mu a wurinka, ka ware mana rana, ya kuwa ware musu.

Malama Rakiya: Na gode. Amma wallahi kalmar nan tana yi mini aiki. Akwai magidancin da sai da na karanta masa "wa muslimatin" ya bar matarsa ta fito. In na ce masa "Musulmi ya haɗa mace", gardama zai tsaya yi. Zan gwada na Abu Sa'id ɗin ranar Asabar in gani.

Mushe Laminu: Jama'a na gode, amma mai fenti fa jibi ne. Me zan ba shi?

Malam Sanusi: Zaɓi biyu. Ko ku rubuta "Neman ilimi farilla ne a kan kowane Musulmi", ƙasa a sa "Ibn Majah", ba Sin, ba Musulma, ba Buhari. Ko ku ɗauki wanda ba mai ja da shi: "Wanda ya bi hanya yana neman ilimi a cikinta, Allah zai sauƙaƙa masa hanya zuwa Aljanna." Muslim ne ya ruwaito daga Abu Huraira, lamba 2699 a lissafin Muhammad Fu'ad Abdul Baƙi, kuma yana cikin hadisi na 36 a Arba'una, yaranku na aji babba sun haddace shi. Ka ɗauki Larabcin daga littafi, kada ka kwafa daga saƙon waya, kuma ka tsaya a gindin tsani yana rubutawa, don masu fenti suna cinye ɗigo.

Baba Malam Tukur: Na Muslim ɗin ya fi. Na Sin kuma a bar mana shi a zaure, mu da muka san yadda ake faɗinsa da "an ruwaito".

Mushe Laminu: Na auna bangon, mita huɗu ne da rabi. Na Muslim ya fi tsawo, Larabci da Hausa sai layi uku, kuma na san mutumin nan zai ce a ƙara masa jika biyu. Bari in kira direkta tun bai kwanta ba.